Duna a Baranda: Nazarin Wani Gida a Jos Mai Kare, Jaririya da Yaro Mai Rarrafe

Gidan da wannan nazari ya shafa yana bayan Farin Gada ne a Jos. Gida ne mai katanga da ƙofar ƙarfe, da sassa biyu masu kallon tsakar gida ɗaya. Babban sashen, wanda barandarsa ke fuskantar gabas, na maigida ne da uwargidansa, ƙaramin kuma na babban ɗansu ne da matarsa da ɗansu mai wata 10, wanda ya ƙware a rarrafe har ya fara kama abu yana miƙewa tsaye. A cikin watan Disamba 'yar gidan ta dawo wankan jego da jaririyarta ta fari, saboda haka sai gidan ya wayi gari da ƙananan yara biyu a lokaci guda, ɗaya ba ta iya ko juyawa, ɗaya kuma ba ya zama wuri ɗaya.

Karen gidan sunansa Duna, namiji ne mai shekara 7 da nauyin kilo 28, rabinsa jinin karen Turawa da ake kira Alseshan, rabinsa karen gida. Don gadi aka ajiye shi, kuma tun yana ɗan kwikwiyo bai taɓa shiga ɗakin kowa ba. Ana sakin sa da dare, a mayar da shi keji da safe, wani ɗan ƙanin maigida mai shekara 15 ne kuma yake ba shi abinci. Ni likitan dabbobi ne, an kira ni gidan ne a ranar da abin ya faru, kuma na ci gaba da zuwa har kusan wata uku.

Abin da ya faru

Duk wanda ya san sanyin Jos a watan Disamba ya san darajar hantsi. A gidan nan wurin da rana ke fara sauka shi ne barandar babban sashe, kuma shekara da shekaru Duna ya saba kwanciya a kusurwarta, tsakanin bango da duron ruwa, kafin a kai shi keji. Da sanyi ya tsananta sai aka riƙa yi masa jinkiri har wajen ƙarfe 10, don tausayi. Da mai jego ta zo, ita ma sai barandar ta zama wurin shan hantsinta da jaririya.

Kwana biyu bayan suna, da misalin ƙarfe 8:30 na safe, akwai manya uku a tsakar gida. Mai jego tana kan tabarma da jaririya a gefenta, uwargida tana dama kunun kanwa a bakin kicin, mahaifiyar yaron kuma ta ajiye shi a kan tabarmar ta tafi shanya. Duna yana kusurwarsa da ƙashin ƙaurin da wani ya jefa masa. Tsakanin tabarma da karen bai wuce mita huɗu ba. Yaron ya rarrafa ya isa wurinsa, ya kama kunnensa don ya miƙe, karen ya juyo ya kai masa cizo sau ɗaya, sannan ya tsallake duro ya gudu ya shige kejinsa. Yaron ya samu rauni biyu: wani ɗan rami marar zurfi a saman girar hagu, da karce a kumatu, duka biyun sun yi jini.

Kowace daga cikin matan uku ta gaya mini cewa ta ɗauka ɗayar tana kallon yaron, kuma babu wadda ta yi ƙarya a cikinsu.

Sa'o'in farko

Da aka kira ni a waya ban fara tambayar karen ba. Na ce a kai yaron bakin famfo a wanke raunin da sabulu da ruwa mai gudu na tsawon minti 15, a duba agogo, domin minti 15 da yaro yana tsala kuka yana da tsawo ƙwarai, kuma mutane da yawa suna dainawa tun kafin lokacin ya cika. Wannan wanki shi ne abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa a gaba wajen rage haɗarin ciwon haukan kare, domin sabulu yana lalata ƙwayar cutar, ruwan kuma yana fitar da yawun daga cikin nama. Wata maƙwabciya ta riga ta kawo shawarar a shafa toka da man shanu, na ce kada a sa komai sai maganin kashe ƙwayoyin cuta irin aidin in akwai, sannan a tafi asibiti nan take.

Katin rigakafin Duna ya nuna cewa allurarsa ta ƙarshe ta haura shekara biyu, alhali a nan ƙasar duk shekara ake sabunta ta. Saboda haka, da kuma kasancewar cizon a fuska yake, inda ƙwayar cutar ke da gajeriyar tafiya zuwa ƙwaƙwalwa, likitocin yara ba su jira komai ba. Suka fara yi wa yaron allurar rigakafin haukan kare a ranar, a cinya kamar yadda ake yi wa yara ƙanana, suka rubuta masa ranar 3 da ranar 7 da wata tsakanin ranar 14 da ta 28. Suka kuma yi masa allurar garkuwa da ake zagaye raunin da ita idan haƙori ya huda fata, suka ba shi maganin hana rauni ruɓewa, suka duba katinsa suka ga ya samu rigakafin sarƙe-haƙora a cikin alluransa na jarirai.

Da na isa gidan da rana, na tarar maigida ya riga ya aika a kira masu sayen karnuka.

"Likita, karen da ya ɗanɗani jinin jikana ba zai kwana a gidan nan ba," in ji shi.

Na ce, "Ranka ya daɗe, hukuncinsa yana hannunka, amma ina roƙon kwana goma. Idan ya fita daga gidan nan yau, mun rasa shaidar da za ta gaya mana halin da yaron yake ciki."

Dalilin kwana goman shi ne, kare ba ya watsa cutar hauka ta yawunsa sai ya kusa nuna alamunta, saboda haka idan ya cika kwana goma bayan cizon yana ci yana sha lafiya lau, to a ranar da ya yi cizon babu cutar a yawunsa. Idan kuma ya mutu ko ya canza hali a cikin kwanakin, ana kai kansa cikin ƙanƙara Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom, wadda ba ta da nisa da mu, a gwada ƙwaƙwalwar. A cikin waɗannan kwanaki ba a yi wa karen allurar rigakafi, don kada wani sauyi da allurar ta haifar ya rikita abin da ake sa ido a kai. Maigida ya amince da kyar. Aka rufe Duna da kwaɗo, ya cika kwanakinsa lafiya, a rana ta 11 na yi masa allurarsa.

Abin da tambaya ta tono

Maganar da kowa ya fara yi mini ita ce, "Bai taɓa yi ba, haka kawai ya yi." A shekarun da na yi ina wannan aiki, ba kasafai nake samun cizon da aka yi haka kawai ba, kuma wannan ma bai zama ɗaya daga ciki ba. Na zauna da yaron da ke ba shi abinci, wanda ya fi kowa sanin karen, ya ba ni labarin da manyan gidan ba su lura da shi ba.

Tun da yaron ya fara rarrafe, wajen wata biyu kafin nan, Duna yakan tashi ya bar wurin da zarar ya ga ya nufo shi. Daga baya, idan yana kwance a kusurwa inda babu hanyar fita, sai ya kawar da kai, ya riƙa lasar hanci yana hamma, yana kallon yaron ta gefen ido har farin idonsa ya bayyana. Sau biyu ya yi gurnani. Duka biyun aka bi shi da sanda, don a koya masa cewa ba a yi wa ɗan gida gurnani. Ya kuwa koya, domin ranar da ya yi cizon babu wanda ya ji ko sauti ɗaya daga bakinsa.

Wannan ne kuskure mafi nauyi a cikin lamarin, kuma da kyakkyawar niyya aka yi shi. Kare yana da matakai na nuna cewa an matsa masa, daga kawar da kai da lasar baki, zuwa barin wuri, zuwa sandarewar jiki, zuwa gurnani da yage leɓe, kafin a kai ga haƙori. Dukan da ake yi masa ba ya cire masa tsoron da ya haifar da gurnanin, gurnanin kaɗai yake cirewa, ya kuma ƙara masa da cewa zuwan yaron yana jawo sanda. Abin da ya kamata a yi a ranar gurnanin farko shi ne a ɗauke yaron cikin natsuwa, a bar karen, sannan a zauna a tambayi abin da ya sa yaro mai rarrafe ya iya isa wurin kare tun farko.

Mai rarrafe yana da wuyar sha'ani ga kare fiye da babban yaro. Fuskarsa tana daidai da fuskar karen, yana zuwa kai tsaye yana zuba masa ido, wanda a wurin karnuka alamar neman faɗa ce, yana tafe yana tangaɗi da ihu, idan ya kama kuma ba ya saki. Shi ya sa cizon da ƙananan yara ke samu ya fi yawa a fuska da kai da wuya, kuma sau da yawa daga karen da suka sani ne, a cikin gida.

Da na sa wa Duna takunkumi na duba jikinsa, sai na samu sauran bayanin. Bakin kunnuwansa biyu suna da gyambon da ƙudaje suka bar masa tun damina, hunturu ya busar da shi ya tsattsage, ko taɓawa aka yi sai ya zabura. Ƙugunsa kuma ya fara ciwon gaɓɓai, abin da ya zama ruwan dare a jinin Alseshan idan shekaru sun ja, don haka tashi da sauri yana yi masa wuya, musamman da sanyin safe. Ga shi kuma an kulle shi kwana uku cur saboda taron suna, cikin hayaniyar baƙi da ƙamshin nama. Idan aka tara su, ga kare mai ciwo, a kusurwar da ba ta da mafita, da ƙashi a gabansa, bayan kwana uku na takura, sannan aka kama shi daidai inda ke yi masa zafi. Ko ɗaya daga cikin waɗannan aka cire, mai yiwuwa da an wuce ranar lafiya, amma da an ci gaba da zama a kan haɗarin ba a sani ba.

Jaririyar

Hankalin kowa ya tafi kan yaron, ni kuwa abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne jaririyar da ke kwance a tabarma, mita huɗu daga bakin kare. Haɗarinta daban yake da na ɗan uwanta. Mai rarrafe yana tsokanar kare ne ba da saninsa ba, karen ya kare kansa. Jaririya ba ta tsokanar kowa, amma wasu karnukan ba sa gane cewa mutum ce. Siririn kukanta da wutsil-wutsil ɗin hannuwanta suna iya tayar musu da halin farauta, kuma kare mai wannan hali ba ya haushi ba ya gurnani, shiru yake yi. Ko da babu mugun nufi, kare mai kilo 28 da ya ɗora ƙafa a kan jaririya mai kilo uku, ko ya ɗauke ta da baki kamar yadda karya ke ɗaukar 'ya'yanta, ya isa ya yi ɓarnar da ba ta gyaruwa, domin ƙashin kanta bai haɗe ba tukuna.

Bayan kwana goman na gwada shi sau ɗaya. Yana sanye da takunkumi, igiyarsa tana hannuna, mai jego kuma tana tsaye a ƙofar ɗaki riƙe da jaririya, tazarar kimanin mita shida. Da jaririyar ta yi kuka, Duna ya ɗaga kai ya kalla, ya shaƙi iska, sannan ya juya ya ci gaba da sansanar ƙasa, da na kira sunansa kuma ya waiwayo nan da nan. Abin da nake tsoron gani shi ne ya kafe ta da ido ya rufe baki, jikinsa ya sandare, ya sunkuyar da kai ya fara takowa a hankali, in kira shi ya ƙi ji. Da na ga haka, da na ce a fitar da shi daga gidan a ranar, ba tare da wata jayayya ba.

Uwargida ta ce, "To Likita, ke nan ba ruwansa da ita."

Na ce, "Hajiya, yau ba ruwansa da ita, a gabana, da igiya a wuya. Wannan ya ba shi damar zama a gidan, amma bai ba shi damar zuwa kusa da ita ba."

Akwai kuma batun yawu. Bakin kare, ko mai lafiya ne, yana ɗauke da ƙwayoyin cuta da babba ba ya jin su, amma suna iya shiga jinin jariri ko su jawo masa sanƙarau, musamman ta cibiyar da ba ta gama warkewa ba. A wannan gida ba a sha wahalar bayani ba, tun da dama suna ƙyamar yawun kare saboda tsarki. Sai dai na lura cewa wannan ƙyama ce ta sa suka saki jiki: tun da karen ba ya shiga ɗaki, sun ɗauka an raba shi da yara, alhali rayuwar yaro a gidan Bahaushe a tsakar gida take. Na ƙara musu da cewa labule ba ƙofa ba ne, gidan sauro kuma sauro kawai yake tarewa, don haka duk ɗakin da jaririya ke barci a turo ƙofarsa har sakata ta kama. Kunzugun da aka cire mata a sa shi a bokiti mai murfi, domin an riga an ga Duna sau ɗaya ya jawo wani daga kwandon shara ya yayyaga.

Yadda aka sake tsara gidan

Shawarar farko da babban ɗan ya kawo ita ce a ɗaure karen da sarƙa a gindin mangwaron da ke tsakar gida. Na ƙi. Sarƙa tana hana kare zuwa wurin yaro, amma ba ta hana yaro zuwa wurin kare, kuma ta hana karen abu guda da ya daɗe yana ceton yaron da shi, wato tashi ya bar wurin.

Abin da muka yi shi ne aka kira mai walda ya raba bayan gida da tsakar gida da shingen ƙarfe mai tsayin mita ɗaya da rabi, kejin ya koma can ciki, inda akwai inuwa da kuma wurin da hantsi ke sauka, don kada a raba tsohon kare da ɗuminsa. Daga ƙasa zuwa tsayin mita ɗaya aka lulluɓe shingen da ragar waya mai ƙananan idanu waɗanda hannun yaro ba zai shiga ba, sakatar ƙofar kuma aka ɗora ta can sama. Kafinta ya yi wa barandu biyun rabin ƙofa ta katako. Manufar ita ce a kowane lokaci a samu shamaki biyu tsakanin karen da yaran, saboda shamaki ɗaya wata rana sai an manta shi a buɗe.

Sakin kare da rufe shi ya koma hannun mutum ɗaya, babban ɗan, shi ke riƙe da makullin. Ba ya buɗewa sai ƙarfe 10 na dare bayan ya tabbatar yaran biyu suna ɗaki, yana rufewa kuma bayan sallar asuba. Babu macen da za ta fito da yaro sai ta tambaya daga ɗaki, "An rufe?" ta ji an amsa. Abinci da ƙashi duka a cikin shinge ake ba shi, a kwashe kwanon bayan ya gama, baƙi kuma aka hana su jefa masa komai.

Game da sa ido, na nemi su daina cewa "muna nan ai". Idan yaro yana ƙasa, mutum ɗaya ne ke da shi, kuma idan zai tashi sai ya ambaci sunan wanda ya bar wa, wancan ya amsa. A 'yan lokutan da karen zai ratsa tsakar gida da rana, kamar lokacin fita yawo, yana kan igiya ne a hannun babba, yaron kuma yana hannu ko a goye. Cizo yana faruwa cikin ƙiftawar ido, mai kallo daga bakin kicin shaida kawai zai zama. Na kuma ce kada a bar wa ɗan shekara 15 alhakin haɗa kare da yara, ko da yake shi ya fi kowa fahimtar karen.

Shi karen aka yi masa maganin kunne da na gaɓɓai, aka shimfiɗa masa katako da tsohon bargo, aka fara fita da shi yawo na rabin sa'a da yamma. Horon da na ba su ɗan kaɗan ne. Sau biyu a rana, minti biyar-biyar, ana ce masa "koma", a nuna kejin, idan ya shiga a ba shi ɗan guntun nama, har ya zamana yana jin kalmar yake rugawa. Bayan haka, duk lokacin da aka wuce da yaron a goye ta gaban shingen, daga nesa, sai a jefa masa guntu, domin ganin yaron ya daina tuna masa da sanda. Ba a taɓa kai yaron ya shafa shi ba, ban kuma ga amfanin yin hakan ba a wannan shekarun.

Abin da ke ƙasa

Mai rarrafe da hannu yake tafiya, hannun kuma baki yake komawa. Tsutsar cikin kare tana zuba ƙwai a cikin kashinsa, ƙwan yana buƙatar mako biyu zuwa huɗu a ƙasa kafin ya iya kama mutum, daga nan kuma yana iya daɗewa watanni a cikin turɓaya. Idan yaro ya haɗiya, tsutsar takan yi yawo a jiki, wani lokaci har ta taɓa hanta ko ido. Wannan jinkiri na makonni shi ne sa'ar mai gida, domin kwashe kashin kullum da safe yana yanke zancen tun kafin ya fara. Aka sa Duna a tsarin maganin tsutsa duk bayan wata uku bisa nauyinsa, aka kankare saman ƙasar lungun da ya saba yin kashi, aka zuba siminti.

Abin da ban zata ba shi ne wanda na gani a bayan duron nan na baranda: maganin kaska mai suna amitiras, an juye shi a cikin gorar lemo, a ƙasa, daidai tsayin hannun yaro. Kurɓa kaɗan yana sa yaro barci mai nauyi, jikinsa ya yi sanyi, bugun zuciya da numfashi su ragu. A ganina wannan gorar ba ta gaza haƙorin Duna haɗari ba. Aka mayar da maganin can saman sito aka kulle, wankan kaska kuma ya koma bayan shinge, inda ruwan ba ya gangarowa tsakar gida.

Abin da ya biyo baya

A mako na biyar tsarin ya fuskanci gwajinsa. Wani mai gyaran famfo ya shiga bayan gida duba tanki bayan an sa Duna a keji, da ya gama aka saki karen a cikin shinge, amma ba wanda ya lura cewa ƙofar shingen turawa kawai aka yi, sakata ba ta shiga ba. Duna ya fito ya nufi tsohuwar kusurwarsa. Yaron yana baranda a lokacin, sai dai rabin ƙofar a rufe take. Mahaifiyarsa ta ɗauke shi, ta ce "koma" da muryar da ta ce ita kanta ba ta gane ta ba, karen ya juya ya koma. Washegari mai walda ya sa wa ƙofar sifirin mai rufe ta da kanta.

Maigida ya sake tambayata ko har yanzu ina ganin a bar karen. Na gaya masa abin da na dogara da shi: cizo ɗaya ne marar zurfi, karen ya saki nan take ya gudu, an gano dalilansa kuma yawancinsu sun gyaru, bai nuna halin farauta ga jaririya ba, gidan kuma yana da fili da mutanen da za su iya riƙe tsarin. Da ya ciji yaron sau da yawa, ko ya riƙe yana girgizawa, ko shi ne ya bi yaron, ko kuma gidan haya ne mai tsakar gida ɗaya da yaran maƙwabta suna shige da fice, da shawarata ita ce a nema masa wani wuri da babu yara, a kuma gaya wa mai karɓar sa gaskiyar abin da ya yi.

Mai jego ta cika arba'in ta koma ɗakinta. Yaron ya gama allurarsa, raunin kumatu ya ɓace, na gira ya bar ɗan tabo. A zuwana na ƙarshe, cikin watan Maris, ya fara tafiya, kuma ya gano cewa idan ya jawo kujerar tsuguno zai iya leƙa saman rabin ƙofar baranda, don haka na ce a ƙara mata tsayi a mayar da sakatarta ta waje. Ragar shingen za ta zauna har sai ya kai shekarun da zai fahimci hani ya kuma kiyaye shi, ko a lokacin ma ba shi kaɗai da karen ba. Ranar allurar Duna ta gaba an rubuta ta da fenti a jikin bangon kejin.